Gajeren labarin Awwalu: 17 da yatsa a ƙarƙashinta

Awwalu Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga gajeren labarin da na daɗe ina yi muku alkawari. Bai kammala ba, kuma ni kaina ƙarshensa bai kwanta mini ba, shi ya sa na kawo ku tsefe shi. A taƙaice: Habibu yaro ne ɗan shekara 16 daga nan Garwa ta Kamaru. Ya ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, sai mahaifinsa Malam Garba, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ya tura shi wurin ƙaninsa a Jimeta ta Najeriya ya yi karatun Ingilishi. Ƙarshen zangon farko aka mayar musu da takardar jarrabawar kimiyyar sinadarai. Ya ci 17 cikin 60. Uban kuwa tun da ya fara sa hannu a takardun 'ya'yansa bai san wani ma'auni ba sai na 20. Ga tsakiyar labarin:

*Habibu ya zauna a bakin katifa, takardar a cinyarsa. Jan biro ya bi ta kamar kaza ta taka jini ta yi yawo a kai. A sama malamin ya zana da'ira, ya rubuta 17, ya ja layi, ya rubuta 60 a ƙarƙashi. A nan Jimeta dare ya yi, a can gida kuwa ya san yanzu Baba yake rufe shago. Ya tuna saƙon safe: "In an ba ku takardar ka ɗauko mini hotonta." Ya ɗora babban yatsansa a kan 60, ya ɗaga waya. Zuciyarsa ta cika da baƙin ciki da nadama da tsoro, hawaye suka zubo masa kamar ruwan Binuwai da ya haɗa garinsu da wannan gari.*

Bayan nan uban ya yi murna, ya zagaya da hoton a layin 'yan atamfa. Yaron ya kasa barci kwana uku, ya kira ya faɗi gaskiya, uban ya yi masa nasiha a kan amana, suka yafe wa juna. Shi ke nan. Kada ku ji nauyina.

Alhaji Bappa Kuseri:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Wannan yaro Allah ya shirye shi. Awwalu ka gaya wa mahaifin nasa ya dawo da shi gida tun wuri, yaron da ya fara yi wa ubansa haka da takarda gobe da kuɗi zai yi. Mu nan Kuseri mun ga irinsu.

Awwalu Garwa:
Alhaji ƙagaggen labari ne, babu wani Habibu. Ni na ƙirƙire shi.

Alhaji Bappa Kuseri:
To ai ko ƙagagge ne akwai masu yi. Ban janye ba.

Isiyaku Mubi:
Awwalu, sannu da aiki. Amma tun a tushe akwai tangarɗa. Ni a can na yi sakandare, ba a mayar wa ɗalibi takardar jarrabawa. Sakamako kawai kake gani a katin rahoto. Kuma 17 cikin 60 ai ba faɗuwar kuka ba ce, in ka mayar da ita ma'auninmu kusan 8 ce cikin 20. Wa bai taɓa cin 8 ba?

Malam Sale Marwa:
Isiyaku, lissafinka ya zame. Daga 60 zuwa 20 rabawa uku ake yi. 17 a raba uku, biyar ke nan da sulusi biyu, wato 5,67. Ba ta kai 6 ba. Kafin ya sami 8 sai ya ci 24. Shekarata ashirin da 'yan kai ina riƙe da jan bik a lise, kuma na san yadda fuskar uba take in ya ga 8 da yadda take in ya ga 5. Mai 8 ana ce masa ya ƙara himma. Mai 5 ana fara tambayar su wa yake yawo da su.

Ita kuwa 17 cikin 20, ku da kuka yi karatu a nan kun sani, ba makin da muke rabawa kamar goro ba ne. Daga 10 an tsira, 12 an fara yabo, 14 an yi kyau, 16 zuwa sama sai ɗaya-ɗaya a aji. Saboda haka abin da Awwalu ya tono abu ne mai kyau ƙwarai: lamba guda, ba a taɓa ta ba, ba a kankare komai ba, a wancan gefen iyaka abin kunya ce, a wannan gefen abin a yanka kaza. Yaron bai rubuta ƙarya ko harafi ɗaya ba. Yatsa kawai ya ajiye. Wannan shi ne jarin labarin, sauran duk kwalliya ce.

Hafsatu Gider:
A kan batun mayar da takarda, Isiyaku rabin gaskiya ya faɗa. Ta WAEC ce ba ka sake gani, kamar yadda mu ma ba mai sake ganin takardarsa ta BEPC ko ta bak, jarrabawar gama sakandare. Amma ta ƙarshen zango ya danganta da makaranta. Yaran yayata suna Yola, a satin ƙarshe ake raba musu takardunsu su duba ko an yi kuskuren tara maki. Wasu malaman su karɓe abinsu a take, wasu su bar musu. Awwalu, in ka sa malamin mai karɓewa ne ma ya fi, domin sai ya zama yaron minti kaɗan gare shi da takardar.

Isiyaku Mubi:
To ta yiwu makarantarmu ce ba ta yi. Lissafin kuma na karɓa, Malam, da ka na yi shi ina kan babur. Amma ga abin da na tabbata: wannan 60 ɗin ba ita ce duka ba. Yadda aka saba, jarrabawa 60 ce, gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida su ɗauki 40, wasu makarantun kuma 70 da 30. In yaron ya tara, a ce, 24 a gwaji, a haɗa da 17 ya zama 41 cikin 100. A yawancin makarantu ƙasa da 40 ne faɗuwa. Ka ga ya tsallake da ƙyar, kamar mai ƙetare kwata da tsalle ɗaya.

Malam Sale Marwa:
Yawwa, wannan kam ka kawo abin amfani. Awwalu ka riƙe shi. Ka ga ke nan yaron yana da gaskiyar da zai iya faɗa: "Baba, na tsira, amma da ƙyar." Sai dai bayaninta dogo ne, sai ya fara da 60, ya zo 40, ya haɗa 100, ga uban da ke jiran lamba ɗaya. Yatsa ya fi sauri. Mai karatu zai fi jin tausayinsa in ya ga akwai wannan hanyar kuma yaron ya hango tsawonta ya karaya.

Yanzu bari in taɓa inda nake da ƙorafi. Na farko ƙarami ne: ka ce a Jimeta dare ya yi, a gida kuwa ana rufe shago, kamar yaron yana Makka. Agogon Najeriya da na Kamaru da na Chadi ɗaya ne. Ladanin Garwa da na Jimeta kusan tare suke kiran magariba. Ka gyara, kuma ka ci ribarsa: ƙasar waje ce wadda ko agogo ba a juyawa, kogi ɗaya, Fulatanci da Hausa a kasuwa, amma takardar makaranta ta zama baƙuwa.

Na biyu shi ne babba. Ba ka nuna mana me ya sa ya ci 17 ba. Ka ce jan biro ya cika takarda, to a kan me? In ba mu gani ba za mu ɗauka daƙiƙi ne, labarin daƙiƙin da ya yaudari ubansa kuwa ba wanda zai damu da shi. Ka lissafa: firamare shekara shida, kwaleji huɗu kafin BEPC, goma ke nan. Ajin da za a sa shi a can, SS1, shi ne shekara ta goma a tsarinsu. Wato yaron bai zo da ƙarancin ilimi ba, wani abin ma maimaici yake yi. Harshe ne ya kayar da shi, da hannun rubutu.

Ga misalai uku da za ka iya ɗora wa takardar, duka daga darasin nan. Gishirin miya, NaCl, nauyinsa a lissafinmu 58,5. Haka zai rubuta, da waƙafi, don haka muka koya masa. Su kuwa ɗigo suke sawa. Malami mai haƙuri zai gane, mai gaggawa da takardu tamanin a gabansa zai zagaye ya wuce. Sai lamba ɗaya. Yaranmu suna yi mata doguwar ƙugiya a ka, bakwai kuma su sare ta a ciki. Malamin can bai saba ba, ƙugiyar nan bakwai yake gani. Yaron ya rubuta 12, a karanta 72, amsa daidai ta koma kuskure. Na uku sunaye: alamar N ɗaya ce ko'ina, amma mu azot muke ce mata, su naitirojin. Ya san abin, sunan ne ya tsere masa, sai ya rubuta na Faransanci a ja masa layi. Ka sa biyu daga cikin waɗannan a idon yaron lokacin da yake duba takardar. Ba sai ka ce mana baƙin ciki da nadama da tsoro sun cika zuciyarsa ba. Wanda ya ga an soke masa amsar da ya san daidai ce, mun san abin da ke ransa.

Awwalu Garwa:
Malam na gode, Allah ya ƙara girma. Agogon nan wallahi kunya ta kama ni. Na 12 da 72 zan ɗauka. Amma layin Binuwai fa? Shi na fi so a duk labarin.

Maman Ikram:
Shi za ka fara cirewa, ƙanena. Hawayen da ya kai kogi a ɗakin da ke da katifa ɗaya? Ka bar kogin, ka cire hawayen. Kazar da ta taka jini kuwa ka bar ta, na gan ta da idona.

Usmanu Mai Waya:
Ni ba marubuci ba ne, gyaran waya nake a Ngaundere, amma na gwada abin yanzun nan a kan teburina da wata tsohuwar rasit. Mutum in zai ɗauki hoton takarda shimfiɗa ta yake yi, ya riƙe waya da hannu biyu. Yatsa ba shi da dalilin shiga. Duk wanda ya ga yatsa a kan takardar da ke kwance lafiya lau zai yi tambaya. Sai ka ba yatsan aiki: ko takardar ta sha naɗi a aljihu tana nannaɗewa, ko fanka na kaɗa ta. Sannan ina da'irar take? Waya na hannun dama, hagu ke danne takarda. In makin yana kusurwar dama ta sama, sai hannun hagu ya gitta kan takardar gaba ɗaya, ya rufe rabinta. Ka mayar da shi kusurwar hagu, yatsa ya shigo daga gefe ya zauna a kan 60 kamar da ma wurinsa ne.

Wani abu kuma: hoton da aka tura kai tsaye ta WhatsApp ana matse shi, ƙananan rubutu su yi dishi-dishi, balle in da dare aka ɗauka da ƙwan fitila ɗaya. Babbar lamba za ta fito, ƙananan gyare-gyaren malami ba za su karantu ba. Mai son a karanta komai ta Document yake turawa. Yaro ɗan 16 ya san wannan sarai.

Awwalu Garwa:
Usmanu, ka sa na tashi na gwada. Gaskiyarka, da makin a dama kamar mai rantsuwa da takarda na koma.

Zara'u Njamena:
Ku yi haƙuri in sako nawa. Wannan labari ya taɓa ni ta inda marubucin bai duba ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ajami yake karantawa da lambobi, boko ko kaɗan. Yayana ya tafi jami'a a Ngaundere, kamar yadda yaranmu na Chadi da yawa suke yi. Duk saƙon da ya turo ni ake kira daga madafa in wanke hannu in karanta. Wata rana ya turo hoton allon da aka manna sakamako, ya matso da shi daidai layinsa, ya yanke gefen da aka rubuta waɗanda za su sake zama. Ni na gane, don na ga rabin kalmar a bakin hoton. Baba ya ce me aka rubuta. Na karanta masa abin da ke ciki, na bar abin da ke baki. Har ya rasu ban faɗa ba, yayan nawa ma bai san na gani ba sai bara.

Tambayata: wa ya karanta wa Malam Garba hoton? A gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ina uwar? Ina ƙannen?

Awwalu Garwa:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Gaskiya ban sa kowa ba. Akwai ƙanwa a daftarin farko, Balkisu, na cire ta don kada labarin ya yi tsawo.

Zara'u Njamena:
Ka dawo da ita. Layi biyar sun ishe ta.

Hafsatu Gider:
Kuma ka duba kalanda. Zangon farko a can Disamba yake ƙarewa, namu ma haka. Wato a satin da hoton ya iso, a satin Balkisu za ta kawo nata biltan, wato katin sakamako, a sa hannu. Ka ba ta 12 da rabi, abin da ta yi wata uku tana karatu da tocila ta samu. Uban ya duba ya ce, "To, madalla. Amma kin ga yayanki, a ƙasar mutane, 17." Nan ne ƙaryar ta ci wani. In ba haka ba wa ta cuta? Uba ya yi murna, 'yan kasuwa sun yi barka, kowa ya kwana lafiya.

Alhaji Bappa Kuseri:
Ni abin da ban gane ba, me ya kai shi Jimeta? Ba ga makarantun harshe biyu nan a Garwa ba, masu sashen Ingilishi har GCE? Mu nan ma yaran da furobatuwa, jarrabawar da ake yi kafin bak, ta gagara gadar Ngeli kawai suke hayewa su zauna bak a Njamena, ba mai zuwa nesa. Ni ma ina da yaro a aji huɗu, uwarsa ta dage sai Maiduguri. Malam Sale me ka gani, in tura shi?

Malam Sale Marwa:
Alhaji wannan ka same ni ta gefe mu yi magana, kada mu karkatar da zaren. Amma tambayarka ta farko tana kan hanya, mai karatu na nan zai yi ta. Awwalu, jimla ɗaya ta wadatar: ƙanin uban ne ya roƙa, ko uban yana hango masa jami'a a can, ko kayan shagon daga can suke zuwa yana son ɗa mai jin Ingilishi.

Maman Ikram:
Wannan na ƙarshen da Malam ya faɗa shi ya kawo ni inda nake son zuwa tun ɗazu. Kun mayar da Malam Garba wawa. Mutumin da ke sayar da atamfa, kullum yana juya naira zuwa sefa a ka, wanda in ka miƙa masa turmi ya san yadi shida ne ko an gutsure tun bai warware ba, shi ne za a rufe wa lamba da yatsa? Ya shekara goma yana ganin takardun yaron nan. Ya san kamannin takardar 17: fara tas, alamar daidai a jere, kalma ɗaya ta yabo a sama. Wannan kuwa ko dishi-dishi ce, ja ne ko'ina. Ba sai ya iya Ingilishi ba kafin ya san jini.

Ni a ganina uban ya gane tun kallon farko. Kuma da ni ce mai labarin, ba kiran waya, ba kuka, ba nasiha. Yaron ya tura. Alamomin nan biyu suka koma shuɗi. Shiru har bayan isha'i. Sai ga saƙon murya na daƙiƙa shida, ana jin ƙarar babura a bayansa: "Na gani. Allah ya yi albarka. Ka yanke farcenka, ya yi tsawo." A tsaya nan.

Usmanu Mai Waya:
Kai! Maman Ikram tsigar jikina ta tashi.

Isiyaku Mubi:
Ni ban ga abin tashin tsiga ba. Uba ya ga farce ya ce a yanke, sai me? Labari ya ƙare ba a san ya gane ko bai gane ba. Mutanenmu za su ce marubucin data ce ta ƙare masa.

Maman Ikram:
Isiyaku, a duk faɗin hoton ina uban ya ce ya kalla?

Isiyaku Mubi:
Yatsan.

To. Na ji. Amma har yanzu ina ganin rabin masu karatu za su wuce ba su lura ba.

Awwalu Garwa:
Yaya, ƙarshen nan ya fi nawa kyau, ba musu. Amma ina da damuwa biyu. In uban ya gane, to zagayen da ya yi da hoton a layin 'yan atamfa ya rushe, kuma shi ne wurin da na fi jin daɗin rubutawa, akwai wani tela da ya ce a sayi lemo. Na biyu, ba na son in bar yaro ya yi ha'inci ya tafi salin alin. Ɗalibai za su karanta.

Malam Sale Marwa:
Wa ya ce ya tafi salin alin? Wanda aka yi wa nasihar shafi biyu ai ya huta, an wanke shi an shanya. Wanda aka ce wa ya yanke farce shi ne zai kwana yana sake sauraron daƙiƙa shida, yana neman inda muryar ta karkata. Mahaifina bai taɓa zama ya yi mini wa'azi ba, kalma uku yake jefowa yana saka takalmi, kuma har yau ina jin wasu. Malam Garba na shafinka na ƙarshe ba ya magana kamar ɗan kasuwa, yana magana kamar mai rufe taro.

Sai dai ban bi Maman Ikram har ƙarshe ba. Ni matsalata tana tun kafin nan, a wurin ɗaukar hoton. Yadda ka rubuta, yaron ya zauna, ya yi shawara, ya ɗora yatsa. Mugun nufi tun farko. Gwada haka: takardar tana nannaɗewa kamar yadda Usmanu ya ce, ya danne ta, ya ɗauka ba da wata niyya ba. Sai da ya duba hoton ya ga abin da yatsansa ya yi. Ya yi tsaki, ya ɗora kofi a kusurwa, ya sake ɗauka, 60 ta fito ɓaro-ɓaro. Yanzu hotuna biyu ne a wayarsa, gefe da gefe, ƙanana kamar tambarin wasiƙa. Ka tsaya a nan ka daɗe. Baffansa ya ƙwala masa kira daga waje, cajin waya saura kaɗan, uban ya sake turo alamar tambaya. Labarinka gaba ɗaya yana tsakanin hotunan nan biyu. Ni da zan iya, a nan zan rufe, ba tare da na faɗi wanda ya tura ba.

Maman Ikram:
A'a Malam, wannan kuma rowa ce. Hotuna biyun na yarda da su ɗari bisa ɗari, amma sai ya tura. Marubucin da ya kawo mu bakin rijiya ya ce mu ƙarasa da kanmu, gudun aiki yake.

Zara'u Njamena:
Zagayen kasuwar ma ba dole ya rushe ba, Awwalu. Uba yana iya ganewa kuma ya zagaya. Namu ya sha yi. Ya rufa wa ɗansa asiri a gaban mutane, ya sayi lemon, sannan ya aika masa maganar farce. Ni wannan ya fi yi mini ciwo a kan duka.

Hafsatu Gider:
In ya gane kuma ya yi wa Balkisu gorin 17, to ya zama azzalumi. Ku zaɓi ɗaya. Ko dai bai gane ba ya yi gorin, ko ya gane ya sa mata hannu shiru, ya ƙara mata da kuɗin fanke.

Usmanu Mai Waya:
Wata 'yar tambaya ga Malam Sale. In yaron ana karanta ɗayansa a matsayin bakwai a can, to uban fa? Bakwai ɗin malamin Jimeta ba ta da sara a ciki. A idon mutumin Garwa ba za ta yi kama da ɗaya ba? Kada ya karanta 11.

Malam Sale Marwa:
Usmanu ka ɗaure ni. Tana iya yiwuwa, in malamin mai gajeren kan bakwai ne. Sai dai lambobin biyu ba za su yi kama da juna ba, ta farko sanda ce miƙaƙƙiya, ta biyu mai kai, kuma ɗan kasuwar da ke karɓar rasit daga Najeriya ya saba da hannunsu. Amma ka ga wani labarin ke nan daban, mai ban dariya: yaro ya sayar da mutuncinsa don 17, uba ya ce 11 ba laifi, a ƙara himma.

Alhaji Bappa Kuseri:
Ni dai a sa ya tuba. Ko a layi ɗaya ne.

Awwalu Garwa:
Na kwashe: agogo, 12 da 72, makin ya koma hagu, takarda mai naɗewa, hotuna biyu, Balkisu ta dawo, hawayen Binuwai sun tafi duk da raina bai so ba. Zai tura mai yatsan, Malam ka yi haƙuri. Maganar farce zan gwada in ga ko ta zauna a bakinsa. Abin da ban yanke ba shi ne na Hafsatu, gori ko kuɗin fanke, domin kowanne na ɗauka sai wani shafi ya mutu. Yanzu kalma 1,900 ne, ina son kada ya wuce 1,500. Zan sako sabon ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya yarda.

Zara'u Njamena:
Ka bar Balkisu ta riƙe wayar lokacin da hoton ya shigo. Ita za ta buɗe, ta ja shi da yatsu biyu ya girma, gindin 6 ya ɗan leƙo ta gefen farcen. Sai uban ya ce, "Nawa ya ci?"

Awwalu Garwa:
Ta ce me?

Zara'u Njamena:
Ni dai na san abin da na ce. Taka kuma kai ka haife ta.